Haruffa 200 zuwa ga Injiniya: yadda na nemi haɗuwa da mai ɗaukar ma'aikata a LinkedIn

Wani kamfanin sarrafa shinkafa da ke sayen shanshera a jihar Kebbi ya tallata gurbin jami'in saye, wato wanda zai riƙa zagaya wuraren tara kaya yana duba inganci, yana awo, yana rubuta abin da aka karɓa daga hannun manoma. Na cike fom ɗinsu ta hanyar da suka ce a bi, na ɗora takarduna, aka aiko mini da saƙon cewa an karɓa. Labarin da zan bayar na abin da ya biyo baya ne: ɗan gajeren saƙon da na haɗa da buƙatar ƙulla zumunci a LinkedIn, dandalin sada zumunta na ma'aikata da masu neman aiki, zuwa ga mutumin da zai zama ubangidan duk wanda aka ɗauka.

Noma na karanta a jami'ar Aliero. Bayan bautar ƙasa na yi kaka biyu da wata ƙungiyar manoma a yankin Suru, ina kan sikeli ina kuma riƙe da na'urar gwajin danshi. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, harkar shinkafa ta buɗe wa irinmu ƙofofi, amma masu neman kowane gurbi sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Takarda tana shiga cikin tarin takardu ne. Abin da nake so kawai shi ne idan sunana ya zo gaban mai yanke hukunci, ya kasance ya taɓa ganinsa, kuma a wuri mai kyau ya gan shi.

Aiki na farko shi ne gano wa zan rubuta wa, kuma ya fi rubutun kansa cin lokaci. A kamfani irin wannan akwai mutum biyu da ake yawan rikitawa. Akwai jami'in sashen ma'aikata, wanda ke buga talla, ya tattara takardu, ya kira mutane ganawa. Akwai kuma shugaban sashen da ke da gurbin, wanda shi ne ya ce yana buƙatar mutum, shi zai zauna da shi a wurin aiki, kuma bakinsa ya fi nauyi ranar zaɓe. Wasu tallace-tallacen LinkedIn suna da ɗan sashe mai suna "Meet the hiring team" da ke nuna wanda ya buga aikin. Wannan tallar ba ta da shi. Sai na shiga shafin kamfanin, na taɓa "People", na riƙa saka kalmomin da suka shafi saye da noma a akwatin bincike. Mutum uku suka fito da alamar suna da hannu. Ɗaya yana Legas, muƙaminsa ya yi sama da yawa, ba zai san da gurbin jami'in saye a Kebbi ba. Ɗaya sabon ɗauka ne kamar yadda nake fatan zama. Na ukun injiniyan noma ne, an rubuta shi ne shugaban sashen sayen shanshera, kuma mazauninsa Kebbi.

Ban tsaya nan ba, na sauka zuwa "Activity" a shafinsa. Wannan wurin ne ke faɗa maka ko mutum yana leƙa LinkedIn ko kuwa ya buɗe ne shekarun baya ya manta da shi. Idan abu na ƙarshe da ya taɓa ya shekara biyu, duk kyan saƙonka ba mai karanta shi. Injiniyan yana rubutu, yana amsa masu yi masa tambaya, har ya sake yaɗa tallar gurbin da kansa, abin da ya tabbatar mini cewa gurbin nasa ne. Na kuma lura da wani abu da ya yi mini amfani daga baya: wasu rubuce-rubucensa da Turanci suke, amma waɗanda ya nufi manoma da dillalai da su, da Hausa yake yin su.

A nan ma ake tace 'yan damfara. Shafin da aka buɗe jiya, mai hoto ɗaya, ba tarihin aiki, ba abokan aiki daga kamfanin da yake iƙirari, sannan ya ce a tura kuɗin fom ko na "ajiye gurbi", wannan ba mai ɗaukar ma'aikata ba ne. Injiniyan yana da abokan aiki da ke yi masa sharhi da sunayensu da muƙamansu, da hotunan wurin aiki na shekaru.

Kafin in rubuta ko harafi ɗaya, na koma kan shafina. Dalili kuwa, idan buƙata ta isa wurin mutum, abin da yake fara gani shi ne hotonka, da sunanka, da layin da ke ƙarƙashin sunan, sannan saƙon. Idan abin ya ja hankalinsa zai taɓa sunan ya duba sauran. Hotona na da na wani biki ne, an yanke kafaɗar abokina a gefe. Na sa kaftani mai tsabta da hula, na tsaya jikin farin bango da hantsi, ƙanena ya ɗauke ni daga ƙirji zuwa sama. Layin ƙarƙashin suna kuma na cire abin da yawancinmu ke sawa, wato "mai neman aiki" ko "a shirye nake da kowace dama", na rubuta abin da na iya: awo da gwajin ingancin shanshera, digirin noma, Birnin Kebbi. A sashen ƙwarewa na rubuta aikin Suru da abin da na yi a cikinsa dalla-dalla. Duk abin da zan faɗa a saƙon dole ya same shi a shafin idan ya duba, in ba haka ba maganar ta zama fatar baki.

Yanzu ga iyakar da komai ke rataye a kanta. Mai asusun kyauta haruffa 200 ne kawai LinkedIn ke ba shi a saƙon da ake haɗawa da buƙata, mai biyan kuɗin Premium kuma 300. Haruffa, ba kalmomi ba. Tazarar da ke tsakanin kalma da kalma ana ƙirga ta, aya da waƙafi ma haka. Ga shi kuma asusun kyauta 'yan saƙonni kaɗan ake ba shi a wata, akwatin rubutun yana nuna maka saura nawa. Ke nan ba abin da za ka watsa wa mutum hamsin ba ne ka ga wa zai amsa. Kowane ɗaya sai ka zaɓi wanda ya cancance shi.

Na buɗe wurin ajiye rubutu a wayata, na bar hannuna ya rubuta abin da ya saba tun wasiƙun makaranta:

"Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, ya iyali, ya aiki? Allah ya ƙara girma da ɗaukaka. Dalilin rubuto maka wannan saƙo shi ne..."

Kafin in kai ga "shi ne", haruffa 200 sun cika. Gaisuwa ta cinye wurin duka, ban faɗi ko ni wane ne ba. Wannan shi ne ainihin wahalar abin ga Bahaushe, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. An tarbiyyantar da mu cewa ba a faɗa wa babba da buƙata kai tsaye, sai an gaisa, an tambayi gida, an yi addu'a. Tarbiyya ce mai kyau, ba na son in rabu da ita. Amma a akwatin nan dole ladabi ya nemi wata hanyar bayyana da ba tsawon gaisuwa ba.

Na kai wa yayana, ɗan wan mahaifina, wanda ya daɗe yana aikin banki kuma yakan zauna a kwamitin ɗaukar ma'aikata. Bayan sallar isha'i muna zaune a ƙofar gida na miƙa masa wayar. Ya karanta, ya ce, "To, me kake so ya yi in ya karanta?"

Na ce, "Yaya, so nake ya duba takarduna."

Ya ce, "A'a. Maɓalli biyu ne a gabansa, na karɓa da na ƙyalewa. Abin da kake so shi ne ya taɓa na karɓa. Shi ke nan aikin saƙon. Sallama ce kake yi a ƙofar zaure, ba a tsaye a waje ake zayyana abin da ya kawo mutum ba. Bari a ce ka shigo tukuna."

Ya kuma gaya mini abin da ke sa shi ƙyale buƙata. Yawancin saƙonnin da ke zuwa masa, in ji shi, roƙo ne: a taimaka mini da aiki, ni maraya ne, na shekara huɗu a zaune, don Allah a duba lamarina. Ya ce, "Ba wai ba na tausayi ba ne, ƙanena. Amma in na karɓa, na san gobe zan tarar da takardu da kira da 'Yallaɓai ina jiran amsa'. Kuma ba ni da ikon ba shi abin da yake nema ni kaɗai. To gara kada in buɗe ƙofar da zan zo ina jin kunyar rufewa." Wannan maganar ita ta gyara mini tunani. Mutum yana karɓar buƙata ne idan ya ga karɓar ba za ta ɗora masa nauyi ba. Duk saƙon da ya nemi aiki, ko ganawa, ko lambar waya, ko a duba takarda, ya riga ya sa wa karɓar farashi, kuma mai aiki da yawa zai kauce wa biya.

Daga nan na san abubuwan da za su shiga: sallama da sunansa, abin da ya kai ni gare shi shi kaɗai ba wani ba, abu guda na gaskiya game da ni da ya shafi aikinsa, sanarwar cewa na nemi gurbin, sai dalilin haɗuwar wanda ba zai ci masa komai ba.

Na biyun ne ya fi ɗaukar mini lokaci, domin shi ne ke raba saƙon da aka rubuta wa mutum da wanda aka kwafa aka raba wa jama'a. "Ina sha'awar ayyukanka" ko "kamfaninku abin alfahari ne" kowa zai iya tura wa kowa. Na koma na karanta rubuce-rubucensa a nutse. Akwai ɗaya da ya yi da Hausa lokacin girbin rani, yana roƙon manoma su shanya shanshera sosai kafin su kawo, saboda rigimar da ake yi a bakin sikeli idan an rage musu nauyi. Wannan rigimar na san ta kamar tafin hannuna. Shinkafa ana girbe ta da danshi kashi 20 zuwa 25 cikin 100, amma mai saye yana son ta sauka zuwa wajen kashi 14 kafin ta shiga sito, in ba haka ba ta yi zafi a cikin buhu, ta yi fumfuna, ƙwayar ta canza launi. Lissafin kuma ba ya ƙarya: kilo 100 mai danshi kashi 20, idan ya bushe zuwa 14, abin da zai rage wajen kilo 93 ne. Manomi yana ganin an zaftare masa kilo bakwai, mai saye yana ganin ruwa ne ba zai biya kuɗinsa ba. Na sha tsayawa tsakanin su biyun, da na'ura a hannu, ina sake gwaji a gaban mai kaya daga sama da tsakiya da ƙasan buhu don ya gani da idonsa.

Sai na yi sharhi a ƙarƙashin rubutun, jimla biyu: cewa a Suru mun ga rigimar tana raguwa idan aka yi gwajin a gaban manomi aka bar shi ya karanta lambar da kansa. Ban ambaci aiki ba, ban ce a duba shafina ba. Ya sa alamar ya ji daɗin sharhin. Ke nan sunana ya gilma ta gabansa sau ɗaya a cikin maganar sana'a, kafin ya gan shi a jerin masu neman haɗuwa.

Batun harshe na yi ta juya shi. Yaya ya fi karkata ga Turanci, ya ce shi ne harshen ofis kuma da shi aka yi tallar. Ni kuma na ga rubutun da zan ambata da Hausa aka yi shi, sharhina da Hausa, kuma aikin da nake nema rabinsa magana da manoma ne. Na tsaya a kan Hausa. Amma wannan hukunci ne na wannan mutumin kaɗai. Da shafinsa duka da Turanci yake, ko da sunansa na Bahaushe ne, da Turanci zan rubuta, domin ba a ɗora wa mutum sabo da bai nuna yana so ba. Abin da ya rubuta a fili shi ke nuna maka harshen da za ka same shi da shi.

Ga abin da na tura, in ban da sunansa da na cire a nan:

"Assalamu alaikum Injiniya. Na karanta rubutunka kan danshin shanshera. Na yi kaka 2 ina awo da gwajin danshi a Suru. Na nemi gurbinku na jami'in saye. Zan so in riƙa bin aikinka. Na gode."

Haruffa 187 ne, saura 13, sunansa ya shiga a ciki. Kowace jimla sai da na yi ciniki da ita. Sallama na ƙi gutsure ta zuwa "slm" ko "salam" kamar yadda ake yi a hirar waya, ko da hakan zai ba ni wuri, domin babba yana lura da wannan. "Ranka ya daɗe" na so in sa, amma wurin ba zai ɗauke shi tare da suna ba, sai na zaɓi laƙabin sana'arsa da sunansa. Laƙabin ya ɗauki girmamawar, sunan kuma ya nuna ba kwafe ba ne. Na duba yadda ya rubuta sunan a shafinsa harafi bayan harafi, saboda sunaye irin namu ana rubuta su ta hanyoyi da dama, kuma kowa ya fi son nasa yadda yake rubuta shi. Ban kira shi Alhaji ba tunda bai kira kansa haka ba. Sunana ban rubuta ba, yana nan a saman saƙon tare da hoto. Digiri da jami'a da shekarar gamawa duk na bar wa shafina. "Biyu" ta koma "2" don in tsira da haruffa uku.

Jimla ta huɗu ita ce muka yi gardama a kanta. Yaya ya ce in cire maganar gurbin gaba ɗaya, in bari sai an karɓa. Ban yarda ba. Idan na ɓoye, ya karɓa, sannan washegari na fito da maganar aiki, zai ji kamar na yi masa dabara, kuma yana da gaskiya. Mutumin da ya yaɗa talla da hannunsa ya san masu nema za su zo. Abin da na kula da shi shi ne siffar jimlar: "na nemi" labari ne na abin da na riga na yi ta hanyar da suka shimfiɗa. Ba ta ce ya yi komai ba. Da na rubuta "ina neman" ko "a taimaka a duba", da ta zama roƙo. Shi ya sa ma tun farko na cike fom kafin in nemi haɗuwa, don kada amsarsa ta zama "je ka bi ta shafinmu".

Wurin turawa akwai tarko, musamman a waya, kuma yawancinmu da waya muke aiki. A manhajar LinkedIn ta waya, idan ka taɓa "Connect" daga jerin mutanen da ake nuna maka, buƙatar kan tafi nan take ba tare da an tambaye ka saƙo ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce ka shiga shafin mutumin, ka taɓa ɗigo ukun da ke kusa da maɓallan sama, ka zaɓi "Personalize invite". A kwamfuta kuma idan ka taɓa "Connect" akwati yakan fito, sai ka zaɓi "Add a note". A shafin wasu ba za ka ga "Connect" a fili ba, "Follow" za ka gani, sai ka buɗe "More" ka same shi a ciki. Idan buƙata ta kuɓuce ba saƙo, ba a iya liƙa mata shi daga baya, kuma idan ka janye ta LinkedIn zai hana ka sake tura wa mutumin har zuwa mako uku. A lokacin da gurbi ke buɗe, mako uku na iya zama duk damar.

Saboda haka ban yi rubutun a cikin akwatin ba. Na kwafo shi daga inda na ajiye, na liƙa, na duba lambar da ke ƙirga haruffa a gefen akwatin, na tabbata "ƙ" ɗin "riƙa" ta fito daidai ba ta rikiɗe ba, na karanta da ƙarfi sau ɗaya. Na jira inda sabis ke da ƙarfi kafin in taɓa "Send". Da safe na tura, a ranar aiki, na kauce wa Juma'a da rana da kuma ƙarshen mako. Wannan ra'ayina ne kawai, bisa ganin cewa rubuce-rubucensa da amsoshinsa yawanci da safe suke fitowa.

Daga nan maɓallin ya koma "Pending", sai jira. LinkedIn ba ya sanar da kai idan mutum ya ƙyale buƙatarka, saboda haka shiru ba ya bambanta wanda bai gani ba da wanda ya gani ya wuce. Alamar da ake iya samu ita ce idan ya leƙa shafinka, wani lokaci za ka ga sanarwa, sai dai in ya ɓoye kansa. Jerin buƙatun da ka tura yana cikin "My Network", a ƙarƙashin "Sent". Abin da ya fi muhimmanci a kwanakin nan shi ne ka kame hannunka. Ban bi shi Facebook ba, ban nemi lambarsa wurin dillalan da na san suna da ita ba, ban koma ƙarƙashin rubutunsa na ce "Yallaɓai na turo buƙata" ba. Kebbi ƙaramin wuri ne a wannan harka, kowa ya san kowa daga Argungu zuwa Yawuri, kuma sunan mai naci yana saurin zagayawa. Akwai ma wani haɗarin: wanda ya ƙyale buƙata yana iya nuna cewa bai san mai turowar ba, kuma idan irin wannan ta yi yawa a kanka, LinkedIn na iya taƙaita maka tura buƙatu.

Cikin makon na ga ya leƙa shafina, bayan ɗan lokaci kuma sanarwa ta zo cewa ya karɓa. Alamar da ke gefen sunansa ta koma "1st", wanda ke nufin yanzu zan iya aika masa saƙo kai tsaye ba tare da biyan komai ba, kuma ba iyakar haruffa 200. Tsarin da ya faru, leƙa shafi sannan karɓa, shi ya nuna mini cewa gyaran hoto da layin ƙarƙashin suna ba ɓata lokaci ba ne.

Ba kowace buƙata ce ta tafi haka ba. A wannan watan na tura wa wata Hajiya, shugabar sashe a wata ƙungiya mai aikin noma da ke da ofis a Birnin Kebbi, saƙo mai irin wannan ginin, da Turanci. Har yau yana "Pending". Tun kafin in tura na ga ta daɗe ba ta taɓa komai a shafinta ba, kuma ba ta da rubutun da zan kama, sai na ambaci aikin ƙungiyar gaba ɗaya. Abubuwa biyun da suka ɗauki saƙon Injiniya, mutum mai leƙowa da kuma magana takamaimai, duka babu su a nan. Ban ɗauke shi a matsayin wulaƙanci ba, wataƙila ma ba ta gani ba.

Da Injiniya ya karɓa, sai wurin gaisuwar da na danne ya samu. Washegari na rubuta masa cikakkiyar sallama, na ce ranka ya daɗe, na yi masa barka da aiki da godiya. Ban liƙa takarduna ba tunda suna wurin sashen ma'aikata kuma bai tambaya ba. Tambaya ɗaya na yi, wadda zai iya amsawa a layi guda kuma da gaske nake son sanin amsarta: a wuraren tara kayansu, idan shanshera ta zo da danshi sama da ma'auni, rage nauyi suke yi ko mayar da ita suke a sake shanyawa? Ya amsa da yamma cewa ya danganta da yawan danshin, idan kaɗan ne a rage, idan ya yi yawa a mayar. Ya ƙara da cewa sashen ma'aikata ne ke fitar da sunayen waɗanda za a gana da su, in saurari saƙonsu. Na ce na gode, Allah ya saka da alheri, ban ƙara komai a kai ba.

Da aka kira mu ganawa, yana cikin mutum ukun da ke zaune. Da na faɗi sunana ya ɗaga kai ya ce, "Kai ne na Suru?" Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe." Sai ya tura mini na'urar gwajin danshi da ɗan kwanon shanshera da ke kan teburin, ya ce in gwada in gaya musu ko za su saya, da kuma nawa za a rage a buhu mai kilo 100.